Layi na Uku a Allon Garanti

Sunansa na yanka yana nan a katin shaida, amma a duk layin masu gyara babu wanda ya san shi da shi. Garanti ake kiransa. Mai gyaran takalma da ke zaune a bakin ƙofarsa ne ya laƙaba masa, kuma kullum da safe, kafin ma ya shimfiɗa buhunsa ya jera guduma da zare, sai ya ɗaga murya ya ce, "Garanti, an tashi lafiya?" Shi kuwa ya amsa yana dariya, yana ta faman ɗaga ƙofar ƙarfen shagon da ke cijewa. Yana son sunan nan sosai, ko da yake da za a tambaye shi cewa zai yi tsokana ce kawai.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Akwai kanta mai gilashi a gaba, benci na masu jira, da teburin aiki a ciki, inda fitila mai dogon wuya take sunkuye a kan ƙananan sukundireba, hantsaki, da na'urar da ke hura zafi don narkar da gam. Wayoyin mutane suna jere a aljihun tebur, kowace da 'yar takarda ɗaure da roba. A bangon da ke fuskantar mai shigowa kuwa, sama da kanta, akwai farin allon katako mai rubutu da shuɗin fenti, layi biyar. Daga allon nan sunan ya samo asali.

Yayarsa ce ta raine shi tun yana ɗan shekara bakwai, bayan rasuwar iyayensu, kuma ita ta fara gane inda hannunsa ya dosa ranar da ya kwance mata rediyo ya mayar, ya bar sukurori uku a waje, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Ta zane shi tukuna, sannan da ya tasa ta kai shi wurin wani mai gyaran waya. Shekara shida ya yi a can. Ya koyi aiki, ya kuma koyi garantin baka. Maigidan nasa ba ya sallamar kowa sai ya ce, "In ta ba ka matsala ka dawo, ai mun zama ɗaya." In mutum ya dawo kuwa, sai ya kalle shi kamar bai taɓa ganinsa ba.

Da ya buɗe nasa shagon, kalmar nan ya ɗauko, don ita ya sani. Ba da niyyar cuta yake faɗinta ba, amma rigima ba ta tambayar niyya. Wanda aka canza wa batir zai dawo bayan wata huɗu don sifika ta mutu. Wadda wayarta ta faɗa bokitin wanki za ta rantse ruwa bai taɓa ta ba, ga kumfa a ramin caja. Wata rana Yaya ta zo wucewa daga ɗakin maganin da take aiki, ta zauna a benci, ta ga wani ƙato ya shaƙe wa ƙanenta wuyan riga. Da aka raba, ta zaro biro daga jaka, ta juya bayan wata takarda.

"Zauna," ta ce. "Me kake iya tsaya wa, me ba ka iyawa? Kada ka faɗa min abin da zai yi daɗin ji. Wanda za ka iya cikawa ko ranar da ba ka so, shi nake tambaya."

Sun fi awa biyu suna ja. Bayan mako guda ta dawo da allon a naɗe cikin tsohon zane, ta ce ta kai an rubuta, kyautarta ce, kada ya tambaye ta komai. Ga abin da ke jiki:

1. Garantinmu kwana talatin ne daga ranar da ka karɓi wayarka. Ka zo da rasit.
2. Abin da muka canza ko muka gyara kaɗai ya shafa, ba duk wayar ba. Hotuna da lambobi ba sa ciki, ka adana su kafin ka kawo.
3. Sikirin da muka sa, in ya daina taɓuwa, ko ya fitar da layi, ko ya yi baƙi, kuma babu fashewa a jikinsa, za mu canza kyauta. Haka batir in ya kumbura ko ya ƙi riƙe caji.
4. In waya ta faɗi ta fashe, ko ta sha ruwa, babu garanti.
5. In wani ya buɗe ta bayanmu, sitikarmu ta ciki ta yage, garanti ya tashi.

Allon ya yi abin da baki ya kasa. Mai rigima zai shigo yana huci, Garanti ya nuna masa bango, mutum ya karanta, ya yi ƙwafa, ya sauko. Wanda ba ya karatu, Garanti da kansa yake karanta masa tun kafin ya taɓa wayar, layi bayan layi, yana nuni da sukundireba. Sau da yawa kuma allon shi yake kayarwa, ya canza sikirin kyauta yana murmushin yaƙe. Shekara biyar a haka. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, Yaya ta bi mijinta wani gari, mutane suna tsallake shaguna goma su zo nasa. Ni dai ban ce waliyyi ne ba. Yana da saurin fushi, yana da son a yabe shi, kuma in ya ce ma ka dawo ƙarfe biyu, ka zo ƙarfe huɗu. Amma maganarsa a kan aiki ba ta tashi.

Sai wani dillali ya zo da jaka. Ya ce sikirin ne masu kyau, kwali ne kawai babu, farashi kuma ya sauka ƙwarai. Sharaɗinsa ɗaya, in an saya an saya. Wanda Garanti ya saba saye a wurinsa yana karɓar kaya in sun ba da matsala, wannan kuwa ko lambar shago ba shi da ita. Garanti ya jona uku a waya ya gwada, suka kawo haske tas, yatsa yana tafiya sumul. Ya kwashi ashirin. Ya san araha ba ta ado, tun yana yaro yake jin haka, amma kowa yana ganin karin magana don wani aka yi ta.

Sikirin ɗin ba a ranar farko suke nuna hali ba. Sai sun yi kwana goma, sun sha zafin aljihu da na caji, sannan su fara. Na farko ya dawo da koren layi daga sama har ƙasa, ya canza. Na biyu ya dawo yana taɓa kansa, yana buɗe abin da ba a sa shi ba, ya canza. Na uku, na huɗu. Da na biyar ya dawo, ya zauna bayan mai wayar ya tafi, ya ɗaga kai ya kalli allon, ya ji ya tsani layi na uku kamar mutum ne.

Bai goge shi ba, don a ganinsa wannan ƙarya ce ƙarara. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko ƙusa ya buga a jikin allon, tsakanin layi na biyu da na uku, ya ɗaura igiya daga gefe zuwa gefe, ya rataye rigunan waya na roba guda goma sha biyu, baƙaƙe da ruwan toka, suka zauna daidai a kan layin. Ya gaya wa kansa wuri ne ya yi ƙaranci a shagon. Mai takalma ya leƙo, ya kalli allon, ya kalle shi.

"Garanti, yau kuma allon ne ya koma shanya?"

"Kasuwa ce, baba. Abin da ido bai gani ba, hannu ba ya saye."

Mai takalma ya koma kan buhunsa.

Bayan kwana uku, da hantsi, wani tsoho ya shigo yana laluben bakin kanta. Dogo ne siriri, idanunsa biyu sun yi fari-fari da yana, gefen faratansa kuma akwai wani tsohon launi da ya ƙi fita. Ya yi sallama, ya ciro waya daga aljihu a naɗe cikin hankici, da rasit a ninke huɗu. Ya ce 'yarsa ce ta kawo aka sa sikirin kwana goma sha biyu da suka wuce, kafin ta koma garin mijinta. Shi ba ya ganin rubutu, amma ta nuna masa inda zai danna ya ji saƙon muryarta. Yanzu in ya danna nan, sai wayar ta tafi can.

Garanti ya karɓa. Kallo ɗaya ya gane kayan dillali ne. Babu tsaga ko ta gashi a gilashin. Ya zare mazaunin sim ya haska ramin, ɗigon da ke komawa ja in ruwa ya shiga yana nan fari. Ya buɗe bayan, sitikarsa lafiya lau. Komai na wayar nan yana cewa a canza. Amma a kusurwar ƙasa akwai 'yar lotsawa a jikin ƙarfen, ta tsohuwar faɗuwar da ta fasa sikirin na asali, kuma shi da hannunsa ya rubuta ta a bayan rasit ranar da aka kawo. Ya ninke rasit ɗin ya ture shi gefe, ya ɗora babban yatsansa a kan lotsawar.

"Baba, wayar nan ta faɗi. Ji nan."

Tsohon ya shafa. "Wannan ai ta dā ce, ɗana. Tun da aka gyara, a hankici take kwana."

"Kowa haka yake cewa, baba."

Akwai mutum uku a benci, duk suka ɗago. Tsohon ya juya fuskarsa wajen bango, ya ƙanƙance ido.

"An ce kuna da allo. Karanta min, idona ba ya kai."

Garanti ya ɗauki sukundireba kamar yadda ya saba. Ya karanta na ɗaya. Ya karanta na biyu. Ya yi tari, ya karanta na huɗu da ƙarfi, ya bi da na biyar. Bai faɗi lambobin ba. Tsohon yana tsaye, leɓunansa suna motsi a hankali tare da karatun, kuma a daidai wurin tarin sai suka tsaya. Ya sake ƙura wa allon ido, ya daɗe. Fuskarsa ta canza, amma ba fushi ba ne, ya fi kama da wanda aka kama da laifi. Ya naɗe wayarsa, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya fita yana laluben ƙofa.

Ranar nan Garanti ya ɓata gyara biyu. Da ya koma gida matarsa ta ajiye masa abinci, ya tsakura ya ture, ta tambaye shi ko jikin ne, ya ce gajiya ce. Babbar 'yarsa ta hau cinyarsa tana karanta masa abin da aka koya musu a makaranta, tana bin layi da yatsa, ya sauke ta ya ce ta je wajen uwarta. Kunya yake ji, amma irin wadda mutum yake iya haɗiyewa, tunda a zatonsa babu wanda ya gani.

Washegari, bai gama share gaban shago ba sai ga tsohon. Wannan karon da leda a hannu. Ya ajiye ta a kan kanta, ya fito da ƙaramin gwangwanin shuɗin fenti, siririn buroshi biyu, da tsumma. Bencin ya riga ya cika, don safiya ce lokacin masu karɓar waya, mai takalma ma yana bakin ƙofa da allura a baki.

"Ɗana, ba maganar waya ta kawo ni ba," in ji tsohon. "Haƙuri na zo ba ka. Allon nan ni na rubuta shi."

Tsintsiyar ta tsaya a hannun Garanti.

"Aikina ke nan shekara arba'in, kafin ido ya ce ya gaji. Na rubuta alluna ba iyaka, yawanci na manta su, amma wannan ban manta ba, saboda matar da ta kawo. Wata 'yar gajeruwa mai kaifin baki."

"Yayata ce," Garanti ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Allah ya yi mata albarka, ta wahalar da ni. Sau uku ta sa na karanta mata, ta ce layi na uku in ƙara masa kauri, don shi ne na masu waya, sauran huɗun na mai shago ne. Da na gama ta ce, to kai malam, kana rubuta garantin wani, ina naka? Na ce mata, hajiya, in harafi ɗaya ya goge ina raye, a kira ni, kyauta zan gyara." Ya girgiza kai. "Jiya na ji ka karanta huɗu. Na duba, na ga tsakiyar allon ta yi duhu, na ce shi ke nan, fentina ya ɓare, bawan Allah ya rasa abin karantawa. Wallahi kunya ta hana ni magana a gaban mutane. Shekara biyar kacal! Ban taɓa yin aikin da ya mutu a shekara biyar ba. Taimaka ka sauko min da shi. Ido babu, amma in na kusa, hannu ya san hanya."

Wata mata a bencin ta kalli rigunan wayar, ta kalli Garanti, ta sunkuyar da kai, kunyarsa ta kama ta. Da tsohon zagi ya zo yi, da Garanti ya san yadda zai yi, don bakinsa ba ya mutuwa a rigima. Amma mutum ya hau mota ya sauka da gwangwanin fenti, yana ba ka haƙuri a kan ƙaryar da kai ka yi, wannan ba ta da amsa. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Ya hau kujera. Ya kwance igiyar, rigunan suka zube a kanta, wasu a ƙasa. Ya sauko da allon ya kwantar. Tsohon ya goge shi da tsumma, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa katakon, ya bi layin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Shuɗin yana nan raɗau, ya ma fi na sauran, mai kauri kamar yadda Yaya ta ce. Yatsan ya dawo, ya ci karo da ƙusar, ya tsaya a kanta. Ya shafa ta, ya shafa ɗaya daga cikin rigunan robar da ke gefen hannunsa. Ya ɗago a hankali.

"Ashe bai goge ba," ya ce.

"Bai goge ba, baba. Ni na rufe shi." Maganar ta fito da ƙyar. "Wayarka ba ta faɗi ba. Sikirin da na sa ma ne ba shi da kyau, kuma na sani tun jiya."

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya mayar da murfin gwangwanin da bai ma gama buɗewa ba, ya danna shi da tafin hannu.

"To, alhamdu lillahi, aikina bai ba ni kunya ba," ya ce. Ya tura allon gaban Garanti. "Karanta min shi, ɗana. Jiya ban samu ji ba."

Ya karanta, a gaban benci, a gaban mai takalma. Layin da ya karanta wa mutane sau ɗaruruwa, ranar nan sai da ya tsaya sau biyu kafin ya kai ƙarshensa.

Ya sa wa dattijon sikirin mai kyau daga kayan wanda ya saba saye a wurinsa, ya gwada kowace kusurwa, ya rubuta sabon rasit da kwana talatin daga ranar. Ya buɗe saƙon 'yar, ya kama yatsan tsohon ya ɗora a wurin, muryarta ta fito tana tambayar ko Baba yana shan maganinsa. Tsohon ya yi murmushi, ya naɗe wayar a hankici, ya ɗauki ledarsa. Garanti ya ce zai raka shi bakin titi, ya ce a'a, ya san hanya.

A makon nan ya bi kwafin rasit ɗinsa ya kira duk wanda ya sa wa kayan dillali, har waɗanda nasu bai fara lalacewa ba, har waɗanda kwana talatin ɗinsu ya wuce. Wasu suka yi godiya, wani ya zage shi tas, kuma ya tsaya ya ji. Sauran sikirin ɗin ya zuba su a kwali ya tura ƙarƙashin tebur. Ya zare ƙusar ya mayar da allon bango. Yaya ta kira ranar hutu tana tambayar yara da shago, ta ce, "Allona yana nan?" Ya ce yana nan. Sauran bai iya gaya mata ba, har yau kuma bai iya ba.

Ciniki bai mutu ba, mutane suna da mantuwa, waya kuma ba ta daina fashewa. Amma washegarin ranar fentin, yana cikin kokawa da ƙofar ƙarfe, mai takalma ya iso da buhunsa. Ya shimfiɗa, ya jera guduma da zare, ya zauna, sannan ya ɗago.

"Mai gyara, an tashi lafiya?"

Babu gatse a muryarsa, gaisuwa ce ta mutunci. Garanti ya amsa, ya shiga ciki. Yau wata bakwai ke nan. Kullum yana riga mai takalma zuwa, ya buɗe shago, ya goge allon, ya zauna a teburinsa da sukundireba a hannu, kunnensa yana bakin ƙofa.